Wayar mita goma da ta ci mini fes majin

A shekarata ta ƙarshe ta karatun lantarki a Sakkwato na haɗa na'urar auna zafin falankin sola. A mafita na sa amfilifaya TL072 a matsayin bafa mai gen ɗaya, wato yana fitar da sigina da girman da ya shigo. A kan tebur komai lafiya lau. Da muka hau rufi cikin zafin Afrilu, na jona wayar kowaks mai mita 10, sai sigina ya kama makyarkyata a osiloskof. Kwana biyu ina zargin soda.

Malaminmu ya leƙo. "Mi ka canza?" Na ce waya kawai, ranka ya daɗe. Ya ce in saka sigina mai kusurwa huɗu, ƙarami, in dubi gefensa. Gefen siginan ya zarce inda ya kamata ya tsaya da kusan rabi, ya yi ta lilo kafin ya natsu.

A nan na gane fes majin da idona. Ana duba firikwensin da gen na zagayen fidbak ya sauko 0 dB, wato gen ɗaya, a ga digiri nawa suka rage kafin jinkirin sigina ya kai 180. In ya kai alhali gen bai faɗi ƙasa da ɗaya ba, fidbak ɗin da aka sa don gyara ya koma zuga wuta, amfilifaya ya riƙa kaɗawa da kansa. Gen majin kuwa daga ɗaya ɓangaren ake dubansa: a inda jinkirin ya cika 180, dB nawa gen yake ƙasa da sifili. Ana son kamar 10 dB.

Wayar kowaks tana da kafasitans na kusan 100 pF a kowace mita, tawa ke nan 1 nF. Na ƙiyasta turjiyar mafitar amfilifayan a kan om 100. Su biyun ke ba da firikwensin da wayar ke ƙara jinkiri sosai a kusa da shi:

```
f = 1/(2πRC) ≈ 1.6 MHz
```

TL072 yana ƙetare 0 dB wajen 3 MHz. Wayar ta jawo wurin ƙasa zuwa kusan 2 MHz, kuma a nan ita kaɗai ta ci digiri 50. Ga digiri 90 na asali na amfilifayan, ga ɗan ƙarin jinkirin cikin amfilifayan, abin da ya saura bai wuce digiri 20 ba. Shi ya sa lilon. Da digiri 45 ne, zarcewar za ta tsaya wajen kashi 23 cikin ɗari. Da 60 ne, ƙasa da kashi 10.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da'irar ba ta kaɗa da kanta ba, kuma da fitila kawai na duba sai in ce ta yi. Majin ɗin da ke takardar bayanan TL072 an auna shi ne da ƙaramin lodi, ba da wayata ba.

Na sa rasista mai om 68 tsakanin mafita da wayar, na ɗauki fidbak kafin rasistan. Gefen sigina ya miƙe, saura ɗan tudu guda. Tun ranar ba na gwada amfilifaya sai da ainihin wayar da zai ja.