Ledar magungunan da ke jiran mara lafiya a gida

Ni ma'aikaciyar famasi ce a wani asibiti a Gombe, kuma aikin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne na ranar sallama. Ranar kowa sauri yake yi. Dangi sun naɗe tabarmi, an kira mai mota, likita ya sa hannu ya wuce gado na gaba. Takardar sallama tana faɗin abin da za a sha, amma sau da yawa ba ta faɗin abin da za a daina sha. Shi kuwa tsohon magani yana can gida cikin leda, an saye shi da kuɗi, ba wanda zai zubar da shi haka kawai.

Akwai wata dattijuwa da aka kawo daga wajen Kumo, ta haura shekara 60, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta saboda haki. Zuciyarta ce ta gaza, ga hawan jini da ciwon suga da ta daɗe da su. Da ta samu sauƙi aka rubuta mata magani huɗu: furosemaid, ƙwayar fitsari mai fitar da ruwa daga jiki, miligiram 40 da safe, sifironolakton 25 sau ɗaya, losatan 50 sau ɗaya, sai metfomin 500 safe da yamma. Takardar ba ta da laifi ko ɗaya idan ita kaɗai ka kalla.

Tun ana gobe sallama na ce wa ɗanta: "Malam, a taimaka a kawo mini duk maganin da Inna take sha a gida. Har wanda ya ƙare a kawo kwalinsa, har na kemis, har na gargajiya." Ban tsaya ga tambayar baki ba, don idan ka tambayi mutum me yake sha, zai ce "na hawan jini da na suga", fari da ja, shi ke nan. Da safe ya zo da baƙar leda, na juye ta a kan farantin silba a bakin gado, na ajiye folda a gefe ɗaya, takardar sallama a ɗaya gefen.

Kwali na farko lisinofiril ne. A folda na ga dalilin da ya sa ya ɓace daga jerin: yana sa ta busasshen tari, shi ya sa likita ya musanya shi da losatan. Wato ɗaya ya maye gurbin ɗaya, ba a haɗa su. Sai Moduretik, wanda a cikinsa akwai amiloraid, shi ma kamar sifironolakton mai riƙe fotasiyam ne a jiki, wani sinadari da ake aunawa a jini. A nan gabana ya faɗi. Da ta koma gida ta haɗa tsoho da sabo, da ƙwayoyi huɗu ne za su taru suna ɗaga mata fotasiyam, ga ƙodarta da ma ba ta da ƙarfi. A ranar awonta 4.8 ne, alhali iyakar da ake so wajen 5.0 ce, wato saura ƙiris. Abin da ke ba ni tsoro da hauhawar fotasiyam shi ne ba ya yin sallama. Wani zai ji kasala ko nauyin gaɓoɓi, wani ba zai ji komai ba har bugun zuciya ya rikice, sai a ce ciwon ne ya tashi.

Akwai kuma gilibenkilamaid na suga. An tsayar da shi ne saboda ba ta cin abinci sosai, kuma idan ƙoda ta yi rauni yana daɗewa a jiki ya zubar da suga ƙasa, mutum ya hau gumi da karkarwa da ruɗewa. A ƙasan ledar, naɗe cikin takarda, na tarar da daikulofenak, wanda babu shi a folda sam.

"Inna, wannan fa?"

"Na gwiwa ne, 'yata. Ai ba na asibiti ba ne, shi ya sa ban faɗa ba."

Kusan kullum take shansa. Shi kuwa yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa, yana rage wa furosemaid ƙarfi, yana kuma ƙara wa ƙoda wahala idan ya haɗu da losatan. Ban raina ciwon gwiwarta ba, don mai son yin sujuda ya kasa shi ya san zafin abin. Idan ka hana mutum maganin ciwo ba ka ba shi madadinsa ba, to zai koma kemis a ranar da ya isa gida.

Ba ni ke tsayar da magani ba, wannan hurumin likita ne. Na ɗauki farantin na same shi, muka bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya: wannan a ci gaba, wannan an canza, wannan a daina. Ya ɗauki biro ya ƙara layi a takardar da sunayen guda huɗun da aka daina da dalilin kowanne, ya rubuta mata farasitamol don gwiwa, ya kuma sa a auna fotasiyam da aikin ƙoda bayan mako guda. Layin nan na amfanar har ma'aikacin asibitin garinsu, wanda in ba haka ba zai ɗauko tsohon katinta ya sake rubuta mata lisinofiril da zuciya ɗaya.

Daga nan na tambayi wa ke ba ta magani a gida. Ɗan shi ke biyan kuɗi, amma da sassafe yake fita kasuwa, matarsa ce ke tare da Inna. Na ce a kira ta daga waje. Yi wa mai biyan kuɗi bayani a bar mai bayarwa, aikin banza ne. Na ɗaura mata lokutan a kan karin kumallo da abincin dare, na ja layi a jikin kowane kwali, na nuna mata cewa furosemaid na safe ne don kada fitsari ya hana Inna barci. Sannan na miƙa mata kwalayen na ce ta maimaita mini. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, don kunya za ta sa kowa ya ce e. Da ta zo kan losatan ta ce za ta ba ta da zarar sun isa, na buɗe mata takardar nas ta ga an riga an ba ta na yau tun safe, sai gobe.

Tsofaffin kuma na ƙulle su a leda dabam, na roƙi ɗan ya bar mini su. Ya yi jim, ya ce Moduretik ɗin ko sati biyu bai yi da saye ba. Na fahimce shi, amma muddin kwalin yana ɗaki, ranar da sabon ya ƙare shi za a ɗauko, ko a kai kemis a ce "a ba mu irin wannan". Ya amince. Na ƙara musu da cewa idan gudawa ko amai ya same ta, musamman da zafin nan namu na bazara, kada a yi ta ɗura mata ƙwayoyin fitsari, a kawo ta a ranar. Haka ma idan kumburi ya dawo ko haki ya hana ta kwanciya.

Da suka dawo awo, fotasiyam ɗin 5.0 ne, likita ya bar sifironolakton yadda yake ya sa a sake aunawa. Surukar ta zo da kwalaye biyu na furosemaid, ɗaya namu, ɗaya wanda maigidan ya sayo a Kumo da wani suna da wani launi, tana tambaya ko duka biyun za ta bayar. Na nuna mata ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, iri ɗaya ne a kwalayen biyu, da lamba 40 a gefensa, na ce ta gama ɗaya kafin ta buɗe ɗayan.