Cin ajin jami'a daban, sabunta tallafi daban

Takardar da wata gidauniya ta aiko mini lokacin da ta ɗauki nauyin karatuna na lisansi a nan Damagaram shafi uku ce, da Faransanci. Shafin farko shi kowa ke so, don can ne taya murna take, da adadin kuɗi. Ko Baba iyakar abin da ya ce in fassara masa ke nan, sai ya ce: "To madalla, Allah ya sa albarka. Sauran kai ka san su." Sauran kuwa su ne suka tafiyar da rayuwata shekara uku, don a cikinsu aka rubuta yaushe za a biya, me zan kawo kafin a biya, da abin da zai sa a daina.

Adadin da aka rubuta Yuro 1,000 ne a shekara. Tunda sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999, lissafin ba ya motsi: sefa 655,957, wato jika 655 da ƴan kai. Da gidauniyar da dalar Amurka take biya, da abin da zai shigo hannu ya riƙa hawa da sauka, amma wannan damuwar ba ta shafe ni ba. Abin da ya shafe ni shi ne yadda aka raba kuɗin. Ba wata-wata ake biya ba, kashi uku ne: Yuro 400 a Nuwamba, 300 a Fabrairu, 300 a Mayu. Kashin farko ya kama jika 262, sauran biyun jika 196 kowanne, kuma takardar ta faɗa ƙarara cewa abin da banki ya cira na aikawa a wuyana yake.

Sun ce tallafin na wata 10 ne, Oktoba zuwa Yuli. To amma mai gidan haya wata 12 yake karɓa, ciki ma bai san hutu ba. In ka raba kuɗin goma, jika 65 ne a wata. In ka raba sha biyu, bai kai jika 55 ba. Na biyun shi ne gaskiyar abin da kake da shi. Akwai kuma wani rami da ba a rubuta shi ko'ina ba, sai ka jera watannin da kanka za ka gan shi: daga biyan Mayu har na Nuwamba wata shida ne cur babu ko dala, kuma kashin da zai riƙe ka a wannan tsakanin ƙarami ne. Cikin wannan ramin ake biyan kuɗin sake rajista a jami'a, rajistar da sai ka nuna takardarta sannan su saki kashin Nuwamba. Don haka ni daga kashin farko, mai kauri, nake cire kuɗin rajistar baɗi da hayar wata uku in ba Inna ajiya. In kuɗi na hannun Inna, sai ka kawo hujja kafin su fito.

Inda na fi daɗewa ina karantawa shi ne sharaɗin sabuntawa. Tallafin ba na shekara uku ba ne kamar yadda ƴan gidanmu suka ɗauka. Na shekara ɗaya ne, ana iya sabunta shi sau biyu, kuma kowace sabuntawa sai ka nema. Sharuɗɗan: ka samu kiredi 60 na shekarar duka, matsakaicin makinka na shekara ya kai 12 bisa 20, ka kuma kai dosiye kafin 30 ga Satumba.

A tsarin da jami'o'inmu ke bi, lisansi shekara uku ce, kiredi 180, kowane zango kiredi 30, kuma da 10 bisa 20 ake ci. Ɗalibi zai iya faɗuwa jarrabawar farko ya ci a zagaye na biyu. Darasin da ya yi ƙarfi zai iya rufa wa mai rauni asiri in jimillar zangon ta kai 10. Wani ma yakan wuce aji na gaba da bashin darasi a kansa. Duk waɗannan a idon jami'a ka wuce. A idon gidauniya kuwa mai 11 ya faɗi, mai bashi ya faɗi. Na ga ɗalibin da ya je gida aka yi masa barka da cin aji, alhali tallafinsa ya riga ya tafi bai sani ba.

Kuma 12 ɗin nan ba a samo ta da tara maki a raba da yawan darussa. Kowane maki ana ninka shi da nauyin kiredinsa. Ga zangona na farko. Na samu 9 a darasi mai kiredi 8, 12 a mai kiredi 6, 11 a wani mai kiredi 6, sai 14 da 15 a darussa biyu masu kiredi 5 kowanne. In ka tara makin nan biyar ka raba biyar, 12.2 za ka gani, hankalinka ya kwanta. Amma lissafin da ake yi shi ne 72 da 72 da 66 da 70 da 75, jimilla 355, a raba 30: 11.83. Darasin da ya fi nauyi shi na fi rauni a ciki, ya ja sauran ƙasa. Tunda sharaɗin na shekara ne ba na zango ba, sai na juya lissafin: 12 sau 60 ya ba da 720, an cire 355 saura 365, ke nan ina bukatar 12.17 a zango na biyu. Sanin wannan adadin ya canja yadda nake raba lokacina, na zuba yawancinsa a darussa masu kiredi da yawa, na rage wa waɗanda nake jin daɗinsu. Na fito da 12.6, shekarar ta tsaya a 12.22.

Saura tambaya ɗaya: 9 ɗin nan da sauran darussa suka rufe, jami'a ta ba ni kiredinta, amma gidauniya za ta ƙirga ta cikin 60 ɗin? Takardar ba ta ce komai ba. Wani da ya riga ni samun tallafin ya ce mini ba komai, an taɓa karɓar masa. Ban tsaya a nan ba, na rubuta musu na tambaya, don maganar baki ba ta shiga dosiye. Amsarsu ta zo cewa duk kiredin da takardar makin jami'a ta nuna an samu suna karɓa. Na buga amsar na haɗa ta da takardar tallafin. Wata gidauniyar tana iya cewa a'a, har ma ta ƙi makin zagaye na biyu. Shi ya sa kowa tasa takardar zai bi, ba ta maƙwabcinsa ba.

Ranar 30 ga Satumba ita ma ta zo da nata. Duk wanda ya yi jami'a a Nijar ya san shekarar karatu takan zarce lokacinta, wani lokaci har ta shiga cikin ta gaba. Gidauniya kuwa da kalandar bango take aiki. A shekarata ta biyu Satumba ta kama ba mu gama jarrabawar zango na biyu ba, balle a yi maganar takardar maki. Da na ga haka tun farkon watan na je wajen shugaban sashenmu na ce: "Malam, ina neman takarda ce da za ta shaida cewa ni ɗalibi ne mai zuwa aji, kuma sakamakon ajinmu gaba ɗaya bai fito ba." Ya tambaye ni wa zan kai wa, na nuna masa sharaɗin. Ya rubuta layi huɗu, ya sa hannu, ya buga hatimi. Na aika ta tare da makin zango na farko da wasiƙar neman a ɗaga mini rana, kafin wa'adin ya cika. Wannan "kafin" shi ne komai. Wanda ya nemi uzuri kafin ranar, dosiyensa a buɗe yake yana jiran takarda ɗaya. Wanda ya bari ranar ta wuce, a rubuce bai nemi sabuntawa ba ke nan. Sun ɗaga mini, amma kashin Nuwamba bai zo ba sai Janairu, bayan na aika cikakken sakamako. Ajiyar Inna ce ta riƙe ni.

Shafi na uku ya raba hukunci hawa uku, kuma ba su kamata a cuɗa su ba. Na farko dakatarwa: takarda ta makara, ko an ga alamar ba ka zuwa aji, sai a riƙe kuɗin har ka gyara, sannan a biya. Na biyu janyewa: maki bai kai ba, ko ka maimaita aji, ko jami'a ta hukunta ka kan satar jarrabawa; an rufe ke nan, amma abin da ka ci ka ci. Rashin lafiya mai tsanani ne kawai aka ware, shi ma sai da takardar likita da aka aiko a lokacin ciwon, ba bayan sakamako ya fito ba. Na uku shi ne mai nauyi, a janye kuma a ce ka mayar da kuɗi. Wannan na wanda ya ba da bayanin ƙarya ne, ko ya bar karatu ya ci gaba da karɓa.

Sharuɗɗa biyu a wannan shafin su suka fi kama mutanen kirki, waɗanda ba su yi niyyar cuta ba. Ɗaya shi ne canja fanni. An ba ka tallafin ne a kan fannin da aka rubuta da makarantar da aka rubuta. Wata abokiyar karatunmu ta ga fanninta ya yi mata tsauri, ta koma wani sashe, jami'a ta yarda, makinta ma ya gyaru. Da ta aika takardar rajista aka ga sunan fanni ya bambanta, sai aka janye, don takardar ta ce sai da izininsu a rubuce tun kafin a canja. A ganina hukuncin ya yi tsauri, amma ta sa hannu a kansa.

Ɗayan shi ne haɗa tallafi biyu. A Nijar tallafin karatu na gwamnati ta hannun hukumar ANAB yake fitowa, kuma ɗalibi yakan ajiye dosiyensa a can tun bayan ya ci bak, sunansa ya fito daga baya, lokacin da ya riga ya fara karɓar na wani wuri. Tawa takardar ba ta hana ni nema ba. Cewa ta yi in na samu wani tallafi na kowane iri in sanar da su cikin kwana 15, su duba ko za su rage nasu ko su bar shi yadda yake. Samun ba laifi ba ne. Ɓoyewar ce ke jefa mutum a hawa na uku, don a kowace takardar sabuntawa akwai layin da kake sa hannu cewa ba ka da wani tallafi sai wanda ka bayyana. Wanda ya sa hannu a layin nan alhali yana karɓar wani, abin da za a nema a wurinsa ba kashin ƙarshe kaɗai ba ne, duk abin da aka biya shi ne tun daga ranar da ya kamata ya faɗa.