Gwiwar karen da na ce targaɗe ce

Wani yaro da ke koyon aiki a wajenmu, bai daɗe da gama karatun likitan dabbobi ba, aka kawo masa Rotwaila mai ɗingishi da ƙafar baya ta hagu. Karen yana tsaye, yana gurnani, jikinsa a ɗaure tamau. Yaron ya kama gwiwar ya ɗan girgiza, wai gwajin durowa yake yi, gwajin da ke nuna ko jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, ya juyo ya ce wa mai karen, "Alhaji, ba durowa, targaɗe ne kawai." Har ya ɗauko biro. Na ce masa, "Ɗana, ajiye biron nan tukuna." Ya dube ni kamar na ci masa fuska a gaban baƙo.

Abin da ya sa raina ya ɓaci, maganar da ya yi tawa ce, ni na fara yin ta tun yana goye. Nawa karen gadi ne na wani ɗan kasuwa, ya haura kilo 40, ga ƙiba. Aka ce da safe ya zabura ya bi mage, ya yi ƙara, ya dawo yana rataye ƙafa, yatsu kawai ke taɓa ƙasa. Na gwada gwiwar yana farke, mutum biyu sun danne shi, ban ji motsi ba. Na ba da maganin ciwo na ce a bar shi ya huta. Ko allurar kwantar da shi ban yi ba. In za a yi adalci, a lokacin ba mu da na'urar hoton ƙashi a kusa, mai karen kuma yana ta duba agogo, ni ma ina tsoron yi wa ƙaton kare allurar barci ba mataimaki na kirki. Amma allurar tana nan a kabad, ƙyuya ce da son a ce hannuna ya san aiki.

A cikin gwiwar kare akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ake kira kurushiyet. Ta gaban ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya duk lokacin da kare ya taka. A ɗan ƙwallo sau da yawa karo ko murɗewa ke tsinke ta lokaci guda. A kare kuwa yawanci ta daɗe tana lalacewa sili-sili, bin magen nan ƙarasa ta kawai ya yi. Shi ya sa kusan rabin karnukan da ta tsinke musu a ƙafa ɗaya, ta ɗayar ma takan bi baya.

Gwajin durowa ba girgiza ba ne. Ka kwantar da kare a gefensa, ƙafar mai ciwo a sama, ka tsaya ta bayansa. Hannu ɗaya ya riƙe ƙashin cinya: manuniya a kan ƙoƙon gwiwa, babban yatsa a kan ɗan ƙashin nan da ke bayan gwiwa ta waje. Ɗaya hannun ya riƙe ƙwauri: manuniya a kan tudun gaban ƙwauri, babban yatsa a bayan kan siririn ƙashin gefe. Ƙashi za ka riƙe, in fata da nama ka kama za su yi ta motsi su yaudare ka. Cinya ta tsaya cik, ka tura ƙwaurin gaba. In ya zame kamar an jawo durowa, kuma ba ka ji wani abu ya tare shi da ƙarfi a ƙarshe ba, jijiyar ta tafi. Ka gwada gwiwar a kusan miƙe, ka sake gwadawa a lanƙwashe, domin in ɓari ne ya yage, sau da yawa sai a lanƙwashe motsin ke fitowa. Kullum ka gwada lafiyayyar ƙafar don kwatance. Kwikwiyo yana da ɗan motsi na halitta, amma nasa yana tsayawa cak.

In ka ji durowa, ka samu amsa. In ba ka ji ba a ƙaton kare mai tsoro, ba ka samu komai ba, naman cinyarsa ya fi yatsunka ƙarfi.

Karen ɗan kasuwar ya samu sauƙi a 'yan makonnin farko, har aka aiko mini da godiya, ni kuma na karɓa. Wannan sauƙin shi ke ruɗar mutane: kumburi ya sauka, kare ya fara takawa, gwiwar kuwa tana ta zamewa a kowane taku. Bayan watanni aka dawo da shi. Cinyar hagu ta rame, cikin gwiwar ya yi wani tauri mai kauri da yatsa ke ji, in ya zauna sai ya jefar da ƙafar gefe. Da na lanƙwasa ta na ji ƙas. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, na ɓangaren ciki, ya yage saboda niƙar da ya sha. A lokacin na yi allurar, durowar ma ta ragu saboda tabo ya ɗaure wajen. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiyar kanta, amma ya nuna ruwa a gaɓar da tsiron ƙashi na amosanin gaɓa. Ina ce wa kaina ko da na gane tun farko ɗan kasuwar ba zai biya kuɗin tiyata ba. Wataƙila. Ban ba shi damar ƙi ba dai.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ku matasa, sai na tuna ba ku karanta abin da ya wuce fuskar waya. To, ku auna karen. Wani bincike na 1984 da har yau ake ambato ya nuna karnukan da ba su wuce kilo 15 ba, kusan kashi 85 cikin 100 sun samu sauƙi ba tiyata, a manya kuwa ko kashi 20 ba su kai ba. Ƙaramin kare, ko tsoho mai wata cutar da barci zai yi masa haɗari, a tsare shi mako shida zuwa takwas, fita sai da igiya, ba tsalle, a rage masa ƙiba, a ba shi maganin kumburi na karnuka irin meloksikam. Kada mai kare ya ba shi ibufurofen ko dikulofenak na gida, suna huda ciki su kashe ƙoda. A kuma gaya masa gaskiya: jijiyar ba ta haɗewa, tabo ne zai riƙe gwiwar. Maɗori ma ba abin da zai ɗora, ƙashi bai karye ba.

Babban kare mai gudu, tiyata. Akwai ta zaren nailan mai kauri da ake ɗaurawa ta wajen gaɓar ya riƙe kafin tabo ya yi ƙarfi, ta fi araha, ta fi dacewa da marasa nauyi. Akwai TPLO da Barclay Slocum ya fito da ita a 1993: a yanka kan ƙashin ƙwauri, a juya shi gangaren ya kwanta, a ɗaure da farantin ƙarfe, sai zamewar ta daina ko ba jijiya. Kowacce aka yi, a duba guringuntsin. Kada ku jinkirta, kowane wata amosani ƙaruwa yake, tiyatar ma rage masa gudu take, ba ta goge shi.

Kuma kada ku yi gaggawa. Na san na ce kada a jinkirta. Amma na ga yara sun kalli bidiyon minti goma suna neman zarto. In ba ka da kayan, ka tura asibitin koyarwa na dabbobi, akwai a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ka fara kira ka ji wace tiyatar suke yi. Sannan ka tambayi waye zai tsare karen mako takwas zuwa sha biyu bayan aiki. In maigadi ne zai sake shi da dare ya zaga gida kamar kullum, zaren zai tsinke ko farantin ya saki, gara ma ba a taɓa shi ba.