Ba kuɗin da ka sayi mota inshora za su ba ka ba

Ƙannena masu sayen motar farko, musamman ku da banki ko ofis ya tilasta muku yin cikakkiyar inshora, akwai adadi biyu da ya kamata ku riƙe a ka. Na farko shi ne wanda kai da kanka ka rubuta a fom ranar da ka yi inshorar, wai darajar motata kaza ce. Na biyu shi ne kuɗin da motar za ta yi a kasuwa dab da ta yi haɗari. In mota ta tashi aiki, kamfani zai duba su biyun ya biya ka wanda ya fi ƙanƙanta, shi ke nan. Ni ban gane wannan ba sai da Corolla ɗina ta daki bayan tirela a 2024.

A 2022 na saye ta miliyan 4.5, ’yar Kwatano, haka na rubuta a fom. Da lokacin sabuntawa ya zo ƙarshen 2023 yarinyar ofishin ta tambaye ni, Alhaji a bar shi yadda yake? Na ce a bar shi, don tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta, wato dubu 225 ke nan a kaina, in na ƙara daraja kuɗin ya ƙaru, ni kuma ina ganin wayo na yi. Alhali tun Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi, motoci suka bi ta.

To bayan haɗarin suka turo injiniyansu, mai ƙiyasin asara, garejin da aka ja motar. Abu na farko da ya yi shi ne lissafin gyara, bonet da lagireto da fitilu da eyabag biyu da suka fashe, ga shasi ya lanƙwashe ta gaba, ya tashi miliyan 4.9. A takardata an rubuta in gyara ya haura kashi 70 na darajar mota to an yafe ta, kowane kamfani da nasa kason, ku duba naku. Daga nan maganar gyara ta ƙare, aka koma nawa motar take.

Wallahi na zaci zai tambaye ni rasit ɗin saye. Ko kallonsa bai yi ba. Ya sunkuya ta gilashin gaba ɓangaren direba ya kwafe lambar shasi, guda 17 ɗin nan, ya ɗora biro a kan ta goma ya ce min ranka ya daɗe wannan 2009 ce. Na ce a’a 2010 dila ya sayar min, har a takardu haka take. Ya ce a motocin Amurka gurbi na goma shi ke nuna shekara, 2010 harafin A ne, tawa kuma 9 ce zaune a wurin. Bodinsu ɗaya shi ya sa dilolin ke cin kasuwarsu. Sai ya duba samfuri, LE ce ba S ba, giya otomatik, ya leƙa mita ya rubuta kilomitar da ta ci, ya bi bodi yana shafawa har ya gano ƙofar baya da aka taɓa yi wa foti da fenti tun kafin wannan haɗarin, ya ɗauki hoton tayoyi da kujeru.

Da wannan bayanin yake fita neman sa’anninta a kasuwa. Ya samo farashi daga diloli uku na irinta sak, miliyan 8.2 da 7.8 da 8, ya ɗauki tsakiya miliyan 8. Amma fa waɗannan sabbin sauka ne, ba su taɓa hawa titinmu ba, tawa kuma an yi mata lamba ta sha ramuka da mai gauraye, ta zama ’yar gida, sai ya zabge kashi 15, saura 6.8. Ya sake cire dubu 300 na tsohon fenti da tayoyin da suka sude. Darajar kasuwa miliyan 6.5.

Nan na tayar da jijiyar wuya. Na kwaso hotunan talla daga Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ina nuna masa masu miliyan 9, ya yi dariya ya ce wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba a taya ba tukuna, kuma gaskiyarsa ne, wa ya taɓa sayen mota a farashin farko? Na kawo maganar sitiriyo mai allo da wili na alminiyam da na sa mata, ya ce ka sanar da kamfani an rubuta? Ban sanar ba, don haka babu su a lissafi. Abin da ya karɓa kawai rasit ɗin giyabos da na canza, shi ma bai ba ni kuɗinsa duka ba, ya dai mayar min da dubu 200 don ya nuna motar na da lafiya. Muka tsaya a 6.7 ina ta murna na yi nasara.

Da takardar tayi ta fito sai na ga miliyan 4 da dubu 50. Ashe duk cacar bakin nan a banza na yi ta, tunda 4.5 na rubuta, ko da injiniya ya ce miliyan 10 ba za su haura abin da na biya wa kuɗi ba. Daga ciki suka cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa, wanda suke kira ekses, nawa kashi 10 ne, dubu 450. Gawar motar kuma ta zama tasu, in ina so in riƙe ta in kai wa ’yan Ƙofar Ruwa su farke sai an sake rage kuɗinta daga ciki. Kuɗin da na karɓa ko ’yar gida irinta ba zai saya ba.

Kada kuma wani ya ce to ni zan rubuta miliyan 12 a motar miliyan 7. Za ka yi ta biyan kashi 5 na 12 duk shekara, ranar da abin ya faru injiniya ya fito da 7 a ba ka 7, don ƙa’idar ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara, ba a cin riba a inshora. Masu takaful, wato inshorar Musulunci, su ma su karanta takardarsu, yawanci lissafin daraja haka yake tafiya.

Abin da nake yi yanzu shi ne duk lokacin sabuntawa ina yin aikin injiniyan da kaina. In karanta shasi, in zagaya diloli in tambayi nawa suka sallama irin tawa ’yar gida, ba nawa suka yanka ba, in rubuta wannan adadin. In farashi ya yi tsalle a tsakiyar shekara ana iya zuwa a ƙara daraja a biya cikon. Rasit ɗin manyan gyare-gyare da takardar kwastan da hotunan motar tana lafiya duk suna waya.

In kuma naka adadin daidai ne amma su suka kawo daraja ƙasa, a nan ne gardama ke da amfani. Ka nemi rahoton injiniyan a rubuce, ka ga motocin da ya kwatanta, sau da yawa za ka tarar ya haɗa da ƙaramin samfuri ko shekarar baya ko wadda ta fi taka cin hanya. Ka kawo farashin diloli a kan takardarsu mai hatimi. Kuma kada ka sa hannu a takardar sallama don an ce sa hannu kawai kuɗi su fito, tana ɗauke da cewa ka karɓi cikakken haƙƙinka. In an kasa daidaitawa ka duba sharaɗin sasanci a takardar inshorarka, sannan NAICOM na da sashen karɓar koke.