PR ɗin pydantic ɗin da aka ce min bayaninsa ya yi tsawo

Har yanzu in na tuna gabana sai ya faɗi, don da na bi shawarar da aka ba ni na rage bayanin PR ɗin nan, da ejan-ejan ɗinmu na Nyanya da Mararaba sun wuni suna danna waya rasit ba ya fita. Aikin shi ne ɗaga `pydantic` daga 1.10 zuwa siga ta 2 a sabar da ke karɓar bayanan ciniki daga manhajarmu ta Android. Sigar 2 ta fito tun 2023 amma muka yi ta ɗaga ƙafa, har sai da wani fakej da muke buƙata ya ƙi zama da tsohuwar, dole ta sa.

Wanda ya taɓa yi ya san yadda `diff` ɗin yake zama. Ya taɓa modul ɗin ciniki, na masu amfani, na rahoto, na saituna, ga fayil ɗin `poetry.lock` shi kaɗai layi bila adadin. Kuma kusan duka canjin suna ne kawai, `.dict()` ya koma `.model_dump()`, `orm_mode` ya koma `from_attributes`, `BaseSettings` ya tashi ya koma fakej ɗin `pydantic-settings`. Rabin aikin ma `bump-pydantic` ne ya yi min. Tes duk sun wuce, kore shar. To a nan haɗarin yake, mai dubawa zai buɗe fayil biyar na farko ya ga abu ɗaya ake maimaitawa, ido ya gaji, ya danna `Approve` ya tafi sallah. Ni ma in ni ne haka zan yi.

Shi ya sa abu na farko da na rubuta bayan dalilin ɗagawar shi ne inda ba sai an ɓata lokaci ba. Na raba aikin `commit` uku, na ce na farko lambar siga ce da fayil ɗin lock, na biyu abin da `bump-pydantic` ya canza ne ban sa hannu ba, ku leƙa ku wuce, na uku ne na yi da hannuna, nan nake son idonku. Na ambaci fayilolin da sunansu. Wannan bai ɗau layi shida ba.

Sashen da ya jawo magana shi ne wanda na sa wa kai "abin da zai canza ga wanda ke aiko mana da bayani". Na zauna da jagorar hijira ta pydantic, duk inda suka ce hali ya canza sai in tambayi kaina, mu wannan a ina zai same mu? Guda biyu ne suka tsaya min. Ɗaya shi ne `Optional[str]` da ba a ba shi `= None` ba, a da in ba a aiko shi ba shiru ne, yanzu dole a aiko, amma wannan `bump-pydantic` ya riga ya gyara shi. Na biyun kuwa babu abin da zai nuna maka shi a `diff` ko kaɗan, don layin kod ɗin bai canza ba:

```python
class Sale(BaseModel):
    receipt_no: str
```

A siga ta 1 in ka aiko `40417` tsurar lamba, pydantic zai mai da ita `"40417"` ya yi shiru. A siga ta 2 ƙi zai yi, FastAPI ya mayar wa mai aikowa da 422. Layi ɗaya, harafi ɗaya bai motsa ba, amma halinsa ya juya. Tes ɗinmu kuwa a cikinsu duka rubutu muke aikawa, shi ya sa suka wuce lafiya. Sai na rubuta a bayanin cewa duk filin da muka ce `str` ne yanzu ba ya karɓar lamba, na jero su modul-modul, na ƙara da cewa tes ɗinmu ba sa gwada wannan, duk mai manhajar da ke kiran sabar nan ya duba abin da yake aikowa kafin a haɗe. Na yi wa masu Android da masu dashbod tag.

Ogan tim ɗinmu ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai ka rubuta mana littafi, ɗaga laburare ne fa kawai, tes sun wuce, ka taƙaita mu haɗe kafin Juma'a." Na ce Oga a yi haƙuri a bar shi haka. Raina ya sosu gaskiya, don sashen nan shi ya fi cin lokacina a duk aikin, ya fi kod ɗin ma.

Da la'asar sai ga Hajiyar da ke riƙe da manhajar Android ta taso daga teburinta da laftof a hannu. Ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Sabuwar manhajar rubutu take aikawa, babu matsala, amma tsohuwar, wadda aka saki kafin ita ta zo kamfanin, `receipt_no` ɗinta lamba ne. Kuma ejan-ejan da yawa har yau ita ce a wayarsu, mutumin da ke lissafin data ɗinsa a kasuwar Wuse ba zai sabunta manhajar da ke masa aiki ba don kawai mun roƙa. Muka ɗauko tsohuwar wayar gwaji daga durowa, muka nuna ta ga sabar gwaji mai reshen nawa, ta buga ciniki ɗaya. Ga abin da log ya nuna:

```
Input should be a valid string [type=string_type, input_value=40417, input_type=int]
```

A wayar kuma abin da ya fito kawai shi ne "a sake gwadawa". Wato da ejan zai yi ta zargin netwok, mu kuma muna ofis muna ganin saba lafiya lau, don 422 ba faɗuwar saba ba ce, ƙararrawarmu kan 500 kawai take kaɗawa. Sai an fara kiran waya za mu sani. Kuma Hajiya ba ta karanta Python, ba ta taɓa buɗe `diff` ɗin ba, ba kuma za ta buɗe ba. Jimlar nan ta cikin bayanin ce kaɗai ta gani.

Gyaran bai kai komai ba:

```python
model_config = ConfigDict(coerce_numbers_to_str=True)
```

A kan `Sale` kaɗai na sa shi, ban baza shi ko'ina ba, don tsaurin da siga ta 2 ta kawo abu ne mai kyau, lambar asusun banki mai farawa da sifili in aka aiko ta a lamba sifilin ya tafi, gara a ƙi ta. Na ƙara tes da ke aika tsurar lamba, sannan na koma bayanin PR ɗin na gyara shi, na rubuta dalilin wannan layin da sharaɗin cire shi, wato ranar da tsohuwar manhajar ta daina kira. Wannan ma ina ganin mutane na sakaci da shi, a yi ta tattaunawa a ƙasa, kod ya canza, bayanin sama ya zauna yadda yake tun ranar farko, kuma shi ne wanda zai zo bayan shekara zai karanta in `git blame` ya kai shi can.

Hanyar komawa baya ma na rubuta ta, `revert` ɗaya ya isa tunda ba mu taɓa rumbun bayanai ba, amma sai an sake gina imej ɗin Docker don fayil ɗin lock ya koma tare da kod ɗin. Ranar Litinin da safe muka haɗe, ba Juma'a ba, Hajiya na zaune da tsohuwar wayar tana buga ciniki. Oga bai sake maganar littafi ba, sai dai ya kwafe sashen nan ya sa a `pull_request_template.md` ɗinmu, ko sannu bai ce min ba, kuma har yanzu abin na min ciwo.