Kafin ka zagi batirinka, duba cajar da kake sa shi

Ƙannena masu fara amfani da batirin AA da ake sake yi wa caji, irin wanda aka rubuta NiMH a jikinsa, ku zo in ba ku labarin yadda na kashe batura masu kyau da hannuna ina ta ɗora laifin a kan kamfani. Wallahi na daɗe ina cewa duk jabu ne, ashe rabin matsalar cajata ce, sauran rabin kuma kwaɗayin babbar lamba.

Bari in fara da kwaɗayin. Da in na je sayen batir abin da idona yake nema kawai shi ne lambar mAh, wato yawan cajin da batir yake iya ɗauka, in na ga 2700 sai in ture mai 2000 gefe, ai a ganina babba ya fi. Abin da ban gane ba shi ne batirin NiMH na gargajiya yana zubar da cajinsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, kamar tulun da ya tsage a gindi. A wata ɗaya yana iya rasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, zubar ta fi sauri a kwanakin farko, in wurin da zafi kuma abin ya ƙara muni. Masu babbar lambar nan galibi su suka fi saurin zuba, kuma sun fi saurin tsufa. Shi ya sa za ka cika shi fal ka jefa a durowa, ranar da za ka sa a tocila sai ka ga haske ja-ja kamar ba a taɓa yi masa caji ba.

Akwai wani nau'in da aka yi musamman don ya riƙe caji. Kamfanin Sanyo ne ya fito da Eneloop a 2005, yanzu yana hannun Panasonic, wasu kamfanonin ma suna yin irinsa. A kwalin za ka ga an rubuta "pre-charged" ko "ready to use", wato da cajinsa ake sayar da shi, kuma lambarsa yawanci wajen 1900 zuwa 2000 ce. Irin wannan sai ya shekara a ajiye ka tarar da yawancin cajinsa na nan. Don rimot, tocila, maus, duk abin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan ko yake zaman jira, shi za ka saya. Mai 2700 ɗin sai dai in yau za ka cika shi yau za ka ƙarar.

To amma inda na fi yin ɓarna ita ce caja. Tawa irin mai ramuka huɗu ce da ba ta aiki sai ka sa batura biyu ko huɗu, in ka sa ɗaya ko fitilarta ba za ta kama ba. Ni a lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ma'anarsa kuwa ita ce kowane biyu a jere suke a layi ɗaya, wutar da ta bi ta cikin wannan ita ce dai za ta bi ta cikin wancan, cajar ba ta san halin kowannensu ba, jimillarsu kawai take gani.

Mu yi lissafi ka gani. Batura biyu ne masu 2000, ɗaya saura 1500 a cikinsa, ɗayan saboda ya fi zubarwa saura 500. Caja tana ba da 500mA, wato duk awa tana zuba wa kowanne wajen 500. Na farko awa ɗaya da ɗan wani abu yake bukata ya cika, na biyu kuwa sai ya haura awa uku. In cajar ta tsaya sanda na farko ya cika, na biyu yana wajen 1000, rabi kenan, amma fitila ta koma kore kai kana murna. In kuma mai taima ce wadda sai lokacinta ya cika take tsayawa, to na farko zai yi awa biyu ko fi ana ɗura masa wutar da ba shi da wurin ajiye ta, duk ta koma zafi. Na sha ciro batir yatsuna suna kasa riƙe shi, har ledar jikin wani ta tattare ta ja baya daga kan, ni kuma ina cewa ai alamar ya cika sosai kenan. Dahuwa yake yi.

Kuma ba a nan abin yake tsayawa ba. Ka ɗauki waɗannan biyun ka sa a na'ura, a can ma a jere suke. Mai rabin caji zai riga ƙarewa, mai ƙarfin kuma ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa har ya juya masa kai, wato plus ya koma minus. Wannan yana lalata batir sosai, daga nan zubarsa ta ƙaru, zagaye na gaba tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta da. Haka saitin yake mutuwa a hankali.

Caja mai wayo kowane rami zaman kansa yake. Tana bin boltej ɗin kowane batir daban, da yake NiMH in ya cika boltej ɗinsa yakan kai ƙololuwa sannan ya ɗan sauko da 'yan milibolt, da ta ga wannan saukowar sai ta yanke wa wannan ramin wuta, sauran su ci gaba. A takardar bayani za ka ga an rubuta shi -ΔV ko -dV. Masu kyau suna da na'urar jin zafi da taima a matsayin kariya in alamar ta kuɓuce.

Gane ta ba wuya. Sa batir ɗaya tak, in ta fara caji, alama ce mai kyau. Ka duba ko kowane rami da fitilarsa ko layinsa a sikirin. Sannan ka juya bayanta ka karanta, in ka ga wajen 2.8V to bibbiyu take haɗawa, in ka ga wajen 1.4V ga kowane rami shi ake nema. Kalmar "smart" a kwali kam kar ta ruɗe ka, kowa ma yana iya buga ta.

Wani abin da ya ba ni mamaki, da na sayi mai wayon sai na riƙa zaɓar 200mA wai ina lallaɓa batir. Ashe a ƙaramar wuta irin wannan saukowar boltej ɗin ba ta fitowa sosai, caja tana iya wuce ta ba ta gani ba. Ga batir mai 2000, wajen 1000mA ya fi dacewa, awa biyu da 'yan mintuna ya cika. Ɗumi a ƙarshen caji ba komai ba ne, zafin da hannu ba ya jurewa shi ne matsala.

Mitar auna boltej kuma ba za ta gaya maka sauran caji nawa ba, don NiMH kusan 1.2V yake nunawa a yawancin tafiyarsa, wajen 1.4V in ya fito daga caja, sai dab da ƙarewa ya faɗo 1.0V. In cajarka tana iya sauke batir, wato ta zuƙe cajinsa, ta auna abin da ya fito, yi amfani da wannan. Cika shi, sauke shi, rubuta lambar a jikinsa da maka. Sake cikawa ka ajiye wata guda, ka sauke kai tsaye ba tare da ƙara masa caji ba. Bambancin lambobin nan biyu shi ne abin da yake zubarwa. Waɗanda lambobinsu suka yi kusa ka haɗa su saiti ɗaya su riƙa aiki tare, wanda ya yi nisa da 'yan uwansa ka ware shi ka ba na'urar da ke cin batir ɗaya, kamar maus ko agogon bango.