Mako na shida: inda ribata ta kashi 133 ta koma kashi 4

'Yan uwa masu koyo, wannan makon na koma kan lissafin da na yi makon jiya, na manhajar da ke karanta takardun neman biya tana shigar da su da kanta. Misalin gwaji ne, don haka ku ɗauki lambobin da kowane irin kuɗi kuke aiki da shi.

Ga yadda na fara. Kamfanin mai saye yana da ma'aikata 4 da ke shigar da takardu 1,500 a wata, kowace takarda tana cin minti 12. Da manhaja sai ta koma minti 5. Ragin minti 7 sau 1,500 ya ba ni awa 175 a wata, awa ɗaya kuma tana tsaya wa kamfanin a kan 20. A shekara 42,000 ke nan, lasisi kuwa 18,000. Na cire kuɗin da aka kashe daga amfanin, na raba da kuɗin da aka kashe. A Excel amfanin yana gidan B10, kuɗin da aka kashe yana B11:

```
=(B10-B11)/B11
```

Kashi 133 cikin ɗari ya fito, na ji daɗi ƙwarai.

Sai na nuna wa wata yayata da ke aikin akanta. Ta sa yatsa a kan 42,000 ɗin nan ta ce, "To ƙanena, wa za a rage wa albashi?" Na yi shiru. Gaskiyarta ce: in mutum huɗun nan za su ci gaba da karɓar albashinsu cif, kamfanin ya samu lokaci ne, kuɗi bai shiga asusunsa ba tukuna. Awa tana zama kuɗi ne idan akwai wani biya da za a daina yi saboda ita. A misalina akwai ma'aikacin wucin gadi da ake ɗauka awa 60 a wata. Shi ne kaɗai biyan da zai tsaya, 14,400 a shekara, wanda bai ma kai kuɗin lasisi ba. Yanzu layi biyu nake yi: kuɗin da za a daina fitarwa daban, awannin da za su dawo hannun ma'aikata daban, kuma mai saye ne zai faɗi aikin da zai zuba su a ciki.

Daga nan na bi sauran zato ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka duk takardu za su wuce lami lafiya, alhali akwai masu rubutun hannu da waɗanda lambobinsu ba su dace da oda ba. Na mayar da masu wucewa kashi 70, awannin suka sauko 122.5 a wata. Wata ukun farko mutane suna koyo, suna duba aikin manhaja sau biyu, sai na ba su rabin amfanin. A ɓangaren kashewa na manta da girkawa da kwashe tsofaffin bayanai, 6,000, da awa 10 na horo ga kowane mutum, 800. Shekarar farko ta zama amfani 25,725 a kan kashewa 24,800, wato kusan kashi 4. Shekara ta biyu ce ta kai kashi 63. Ko wannan ma sai an lissafa duka awannin a matsayin kuɗi, kuma na rubuta haka a kusa da lambar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne minti 12 ɗin nan. Daga ina na samo shi? Daga kaina. Da na mayar da shi minti 10, shekarar farko ta koma asara, ribar ta biyu ta faɗo zuwa kashi 17. Lambar da za ta iya juya lissafi haka ba a barinta ga ƙiyasi. A sa ma'aikatan mai saye su riƙe agogo na mako guda, takardu masu sauƙi da masu wuya duka, abin da ya fito shi za a sa.

Saboda haka na sake tsara shafin a Excel. Kowane zato yana da gidansa, a gefensa kuma an rubuta wanda ya bayar da lambar da ko an auna ta ko hasashe ce. Na shafa wa gidajen hasashe launin rawaya, don akantan kamfanin ya canza su da hannunsa ya ga inda riba ke motsawa. Guda uku ne masu rawaya yanzu: minti 12, kashi 70, da rabin amfanin wata ukun farko. Mako mai zuwa zan lissafa watan da jarin zai dawo, wata bayan wata, da layin kuɗin da aka daina fitarwa shi kaɗai.